Riyal ko naira: Ina ya kamata ɗan Kafur da ke aiki a Saudiyya ya ajiye kuɗinsa?

A ce wani matashi ɗan Kafur yana tuƙin mota a Riyadh. A watan Mayun 2023 ya tara riyal 10,000, ya turo gida aka canza a kasuwar bayan fage, inda dala ke kusan naira 750. An samu wajen naira miliyan biyu, aka zuba a banki. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta kai naira 1,500. Miliyan biyun na nan daram a asusu, amma ba za ta sayi fiye da riyal 5,000 ba. Babu wanda ya ci masa kwabo, rabin guminsa kuwa ya tafi.

Dalili shi ne tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dala a kan riyal 3.75, yayin da Najeriya ta saki naira ga kasuwa a watan Yunin 2023. Mai ajiyar riyal tamkar mai ajiyar dala ne. Don haka kafin a turo kowane kuɗi, a fara tambaya: yaushe za a kashe shi, kuma a wace ƙasa?

Mu ɗauka albashin direban riyal 1,500 ne, maigidansa ya ba shi masauki, abinci da waya na cin 400. Saura 1,100.

Kuɗin cefanen gida, a ce 500, a naira za a kashe shi cikin watan, don haka a turo. Gara a tsayar da rana ɗaya da adadi ɗaya a wata, domin turawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da waya ta yi ƙara na ninka cajin aikawa, kuma iyali ba sa iya tsara komai. Kada a kalli cajin kaɗai, a tambayi nawa zai faɗa asusun mai karɓa, tunda wani kamfanin a farashin canji yake cire ribarsa. Tun farkon 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanonin aika kuɗi su riƙa biya da naira.

Kuɗin gona ne inda aka fi yin kuskure. A Kafur, Malumfashi da Funtua buƙatar na da lokacinta: taki, iri da maganin feshi daga Afrilu zuwa Yuni, sai ladan masu noma da girbi. Idan direban na ware 300 a wata, a shekara yana da 3,600. Ya riƙe su a riyal har damina ta matso, sannan ya turo kashi-kashi, in da hali kai-tsaye ga dillalin taki. Kuɗin takin da ya iso tun Disamba, biki da suna da rashin lafiya sukan riga damina zuwa gare shi, kuma da wuya a zargi kowa.

Wasu sukan ce a sayi masara da kaka a kasuwar Dandume a ɓoye. Waɗanda suka yi hakan a ƙarshen 2023 sun dara. Waɗanda suka maimaita a ƙarshen 2024 sun ji a jika, domin farashin hatsi ya karye a 2025, bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci. Ajiyar hatsi kasuwanci ce, akwai riba akwai faɗuwa, ga ƙwari, ga kuɗin sito. Ba da kuɗin ko-ta-kwana ake yin ta ba.

Sauran 300 ɗin su ne na ko-ta-kwana, su zauna a can har su kai kuɗin tikitin dawowa da albashin wata uku. Iyaka ke nan a ganina, domin ajiya a Saudiyya ma tana da haɗarinta. Asusun baƙo na rataye da igamarsa, idan ta ƙare ba a sabunta ba banki na iya daskarar da shi. Wanda kuwa ba shi da takardu ba shi da asusu, kamu ɗaya ya isa ya raba shi da abin da ke ƙarƙashin katifa. Irin wannan gara ya turo gida da wuri, a mayar da kuɗin gona ko fili mai takarda da sunansa, da shaidu, ba da sunan ɗan'uwa ba.

Abin da ya haura wannan iyaka, akwai mafita ga mai takardu. A Janairun 2025 Babban Bankin ya fito da asusun NRNOA, wanda ke bai wa ɗan Najeriya mazaunin waje damar ajiye kuɗin waje ko naira a bankin gida, a watan Mayu kuma aka ƙaddamar da NRBVN don samun lambar BVN ba sai an zo ba. A lura dai, naira ta ɗan farfaɗo a 2025, don haka riƙe dala ba kullum yake kawo riba ba. Amfaninsa shi ne kare kuɗin da ba za a taɓa ba sai bayan shekara biyu ko uku, kamar na ginin gida bayan an dawo Kafur.