Filin Sanin Haƙƙi: In Takardar Gona Ko Ta Fili Ta Ɓata

Kowace damina muna jin labari iri guda a wurin zubi: ruwa ya shiga ɗaki ya jiƙa takardar fili, ko gara ta cinye ta cikin akwati. Ɓatan takarda ba ɓatan fili ba ne. Amma ranar rabon gado, ko ranar da maƙwabci ya tura iyaka, maganar wadda ba ta riƙe da komai ba ta da nauyi. Shi ya sa yau za mu duba yadda ake neman kwafi, wato duplikata.

Abu na farko, mu san ofishin da ya ba da takardar, don can ne rijistarta take. In fili ne na lotisima cikin birnin Maraɗi, takardar da ake kira akti da sesiyon daga ma'aikatar magajin gari ta fito. In gona ce, ana bin dokar karkara ta 1993, wadda ta kafa hukumomin kula da filaye: Kofob a ƙauye, Kofokom a komin, Kofodep a dafartama. Tibiri tana ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa kuwa Madarumfa. Saboda haka in ba a samu alamar takardar a komin ba, sai a nufi can.

Mu ɗauki misali. Wata bazawara ce a karkarar Tibiri, maigidanta ya sayi gona, aka yi takardar sayarwa gaban maigari da shaidu. Ya rasu, takarda ta ɓata. Tun kafin ta je ofis, za ta fara zuwa kwamisariya ko jandarmari ta bayyana ɓatan, a ba ta takardar shaida. Daga nan sai a rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban Kofokom. Wasiƙar gajeriya ce: sunan mai nema, sunan da ke kan takardar da ta ɓata, ƙauyen da gonar take, shekarar da aka saya, sunan wanda ya sayar, da maƙwabtan gonar gabas da yamma, kudu da arewa. A ƙasa sai a jera abin da aka haɗa:

1. Hotokopin katin ɗan ƙasa na mai nema.
2. Takardar shaidar ɓata.
3. Hotokopin tsohuwar takardar in akwai, ko da yagaggiya ce.
4. Takardar rasuwar maigida.
5. Takardar shaidar magada daga kotu, da ta zaman iyali da ta nuna wanda aka wakilta.

Biyun ƙarshe su ne aka fi mantawa. Sunan maigida ne cikin rijista, kuma ma'aikaci ba zai miƙa takardar wani ga duk wanda ya zo ya ce nasa ne ba. Haka ɗin kariya ce gare mu. Mai fili a birni kuwa, maimakon sunayen maƙwabta, lambar ilo da ta parsel da sunan lotisima ake bukata. In an manta, takardar maƙwabciya za ta nuna ilo ɗin.

Don me ake jera takardun cikin wasiƙa? Don in wata ta zame daga dosiye, akwai shaidar an kawo ta. Mu yi wasiƙar kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata kan guda mu koma da ita gida. Kuɗin tambur da na aiki, a tambaya a ofis, a biya, a karɓi rasiti. Kar mu bar takardun asali a can, hotokopi ake bari.

Sai mu kula da abu uku. Duplikata tana fitowa da sunan da ke rijista, watau na mamacin. Maida ta sunan magada wani aiki ne daban, bayan rabo. Na biyu, in takardar tana hannun wanda aka jinginar wa gona, ba ɓata ta yi ba, kuma faɗin ƙarya gaban jandarma laifi ne. Na uku, babbar takardar mallaka ta ofishin domen, titir fonsiye, ba a sake ta a komin, sai da hukuncin kotu.

In aka ba mu kwafin, a karanta shi nan take, kafin a fita ƙofa. A duba suna, wuri, girman gona da iyakoki, a ga sa hannu da hatimi. Harafi guda da ya kauce a suna ya isa ya jawo jayayya gaba.

A zubi na gaba kowa ta zo da takardar filinta ko ta gonarta. Sakatariya za ta rubuta lamba da shekara cikin littafin ƙungiya, mu yi hotokopi mu ajiye cikin leda a akwatin asusu. Allah ya tsare mana abin hannunmu, ya kai mu mako na gaba lafiya.