Kuɗin Dussa Ba Na Shayi Ba Ne

'Yan uwa makiyaya, kakanninmu ba su taɓa haɗa saniyar tatsa da bijimin sayarwa a lissafi guda ba. To, don me mu muke tara kuɗinmu duka cikin layin salula ɗaya?

A ce ka sayar da sa a kasuwar Dakoro bayan damina, an turo maka jikka 400. In ka bar su wuri guda, yau shayi da sukari, gobe suna, jibi ɗan uwa ya bugo waya. Kafin watan Afrilu, lokacin da dussa ta yi tsada, shanu kuma suka rame, babu ko dala. Sai ka sayar da karsana a wulaƙance.

A ganina, tun ranar kasuwa a kai jikka 250 banki, na abincin dabbobi. Nisan banki da ruga shi ne amfaninsa. Jikka 100 su zauna a layi na biyu, na ruwa, magani da kuɗin shiga kasuwa, sauran 50 na cefane a wayar aljihu.

Amma fa layin nan na biyu, a yi masa rajista da sunanka, a riƙa taɓa shi, domin layin da ya daɗe a kwance kamfani na rufe shi.