Dariyar da Ba Ta Sayar da Ko Gora Ɗaya

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan masu sana'ar abin sha a ƙasar Kano, tun daga manyan kamfanoni har zuwa masu ɗura zoɓo da kunun aya a gora, wato wai muddin aka ɗauko ɗan wasan barkwanci ya sa mutane dariya a rediyo, to talla ta ci, sauran aiki na Allah ne. Wannan magana, duk da yawan masu riƙo da ita, ɓatacciya ce tun daga asalinta, domin ta ɗauki wasila ta ɗora a matsayin maƙasudi.

Ba a musun cewa barkwanci yana jan kunne. Tun zamanin Samanja har zuwa marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, manomin Ɗambatta ko Bichi ko Makoɗa da ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana dakatar da fartanya idan ya ji muryar da ya saba yi wa dariya. Amma jan kunne daban, shigar da sunan haja cikin zuciya daban. Abin da aka fi ji shi ne rigimar miji da mata ko ta mai bashi da wanda ake bi, a ci daƙiƙa 50 ana cacar baki, sa'an nan mai sanarwa ya ambaci sunan abin shan a guje, alhali kuwa mai sauraro yana can yana ƙyaƙyatawa bai ji ba. Da yamma a dandali za a maimaita zancen ɗan wasan kalma da kalma, ba wanda zai tuna ko lemo aka tallata ko sabulu.

Ma'aunin gane wannan illa mai sauƙi ne: a cire abin shan daga wasan, a sa wata haja a gurbinsa. In dariyar ta tsaya da ƙafarta, to mai kaya ya biya kuɗin tallar ɗan wasa ne kawai.

Ga yadda ya kamata a gina shi. Mu ƙaddara kunun aya ne mai suna Raɓa, sifarsa guda da ake son a riƙe kuwa ita ce sanyi. Lokacin bazara ne, ana sharar gona, ga wani marowaci ya sayo gora ɗaya, ya hango maƙwabcinsa tafe da jakin taki, sai ya cusa ta a hammata.

Maƙwabci: Sannu da rana, Malam. A'a, me ya sa haƙoranka ke kaɗawa?

Marowaci: Ɗa-ɗa-ɗari ake yi.

Maƙwabci: Ɗari a wannan ƙuna, ƙasa tana gasa ƙafa? Bari in kira a kai ka asibiti.

Yaro: Baba, Raɓar da ka ɓoye tana ɗiga a rigarka!

Marowaci: Ɗan nema! To, Malam, kurɓa ɗaya, ɗaya tak.

Maƙwabci (bayan dogon ƙwat-ƙwat): Wa-wa-wallahi ɗari ake yi.

Mai sanarwa: Kunun aya Raɓa, sanyinsa ba ya ɓoyuwa. Nemi Raɓa a kanti mafi kusa.

Duk wanda ya yi nazari zai ga cewa gorar ce sanadin ƙaryar, ita ta tona asirin, ita ce kuma ta juyar da maƙwabcin ya zama shaida, ta yadda in an sa shayi ko sabulu a gurbinta ba abin da zai saura na dariya. An ambaci sunan sau 3, na farko a daidai gaɓar da dariya ke fashewa, don haka mai ba da labarin a dandali ba shi da hanyar kai shi ƙarshe sai ya furta shi. Wasan kuma bai kai minti ɗaya ba, bai kuwa buƙaci shahararren ɗan wasa ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, sifar ta zama gaskiya a inda ake sauraro: ƙauyen da ba wutar lantarki, inda sanyi ya dogara ga ƙanƙarar da ake kawowa daga gari, in mai saye ya tarar da gorar da ɗumi, barkwancin zai koma kan mai kayan, gara tun farko a gina shi a kan kauri ko garɗi. Na biyu, kada neman dariya ya kai ga da'awar magani, a nuna gurgu ya miƙe ko tsoho ya koma saurayi, domin wannan algus ne a shari'a, kuma hukumar NAFDAC tana da hurumi a kan tallar abinci da abin sha.

Saboda haka, kafin mai kaya ya tambayi wane ɗan wasa za a ɗauko, ya fara neman a karanta masa rubutun da wata haja a gurbin tasa. In ya yi dariya, kada ya biya.