Waiwaye: Aikin Banki da Agogon Shekara 26

A da, idan ɗan ƙasar Katagum ya gama karatu yana son aikin banki, takardar neman aiki yake rubutawa da hannu, ya kai wa manajan reshe a Azare, ko ya hau mota zuwa hedikwatar Bank of the North a Kano. Wannan zamanin ya shuɗe ne bayan garambawul ɗin 2005, lokacin da Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25. Bankuna 89 suka koma 25, Bank of the North ya narke cikin Unity Bank, ɗaukar ma'aikata kuwa ta tattara ta koma hedikwata, akasari a Legas. Yau manajan reshe ba shi da ikon ɗaukar ma'aikacin dindindin. Amma har gobe za ka ga matashi daga Sakwa da ambulan a hannu yana jiran ganin manaja, alhali ƙofar da yake nema tana cikin wayarsa.

Ƙofar ita ce shirin horar da sababbin masu digiri, wanda ake tallatawa a shafukan kamfanoni da sunan Graduate Trainee ko Entry Level. Access Bank yana da ELTP, UBA yana da GMAP, First Bank da GTBank suna da nasu, haka rukunin Dangote da kamfanonin binciken kuɗi irin su KPMG da PwC. Sharuɗɗan kusan iri ɗaya ne: digiri mai daraja 2:1, wasu su karɓi 2:2, kiredit biyar na sakandare har da Turanci da lissafi, takardar kammala bautar ƙasa, sai kuma shekaru, waɗanda akasari ba sa wuce 26 ko 27. Bankuna ba su cika damuwa da fannin da ka karanta ba, mai digirin tarihi ko kimiyyar tsirrai yana iya shiga. Sharaɗin shekarun nan shi ne ya fi cin yaranmu.

Mu ɗauki misalin yaron da aka haifa a Sakwa a watan Maris na 1998. Ya gama sakandare a 2016, bai samu gurbi ba sai a 2017, a wata jami'ar tarayya. Karatun shekara huɗu ne, ya kamata ya fito a 2021. Sai ga yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya ci wata tara haɗe da kullen korona, ga kuma na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bai fito ba sai 2023. Ya jira sunansa ya fito, ya shiga sansanin bautar ƙasa a ƙarshen shekarar, ya karɓi takardarsa a ƙarshen 2024 yana da shekara 26. A Maris na 2025 zai cika 27. Ke nan, a wurin duk kamfanin da ya tsaya a kan 26, 'yan watanni kaɗan suka rage masa. In ya ce bari ya dawo gida ya huta, a yi girbi, a sha bikin abokai, kafin ya waiga an rufe. Ba wanda zai aiko masa da bayani. Manhajar tantancewa ce za ta duba ranar haihuwarsa ta ajiye shi gefe.

Abin da ya sa ake makara shi ne babu wata rana guda da kowa ya sani, kamar ta jarrabawar JAMB. Kamfanonin binciken kuɗi sukan ɗiba sau ɗaya a shekara, manyan bankuna kuma rukuni-rukuni, gwargwadon bukata. Shafin nema yakan buɗe na mako ɗaya zuwa 'yan makonni. Lamarin kamar ruwan shuka ne, wanda bai tanadi iri ba tun rani sai dai ya ga gonar maƙwabci ta tsiro. Don haka lokacin shiri shi ne watanni shida na ƙarshen bautar ƙasa, domin wasu kamfanonin sukan karɓi wanda ya kusa gamawa. A nan ne za a duba ko suna da ranar haihuwa sun zo daidai a takardar WAEC ko NECO, da katin NIN, da rajistar jami'a. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko 1998 a wata takarda 1997 a wata, ya isa ya tsayar da mutum a matakin tantance takardu bayan ya ci komai.

Bayan cike fom, sai jarrabawa ta kwamfuta: lissafin kaso da jadawali, fahimtar rubutun Turanci, da gane tsarin zane-zane. Tambayoyin ba su fi ƙarfin ɗan sakandare ba, lokacin ne ƙalilan, kusan minti ɗaya ga kowace tambaya. Gayyatar ta imel take zuwa, wani lokaci da wa'adin kwana biyu ko uku. Wanda ba ya buɗe imel ɗinsa kullum ya faɗi tun bai zauna ba. Wanda kuma zai rubuta daga gida, gara ya shigo Azare inda ya tabbatar da sabis da wuta. Daga nan sai tattaunawar rukuni, ganawa da manya, da gwajin lafiya. Daga talla zuwa takardar ɗauka ana iya shafe watanni.

To, me ake samu? Farko makarantar horo ta wasu watanni, da alawus maimakon cikakken albashi, da jarrabawa a kai a kai, kuma wanda ya gaza makin ci ana sallamarsa. Wanda ya tsallake yakan fara a matakin farko na ma'aikatan dindindin, a tura shi duk inda aka ga dama, a tabbatar da shi bayan wa'adin gwaji. Yana da inshorar lafiya da fansho, wanda dokar 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Hanyar ƙarin girma a buɗe take, musamman ga mai rubuta jarrabawar CIBN ko ICAN. Akwai kuma nauyi: adadin kuɗin ajiya da za a ce ka kawo, da yarjejeniyar da wasu ke sa a sa wa hannu cewa ba za ka tafi ba sai bayan wasu shekaru, in ba haka ba ka biya kuɗin horo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da harkar kuɗin ruwa ba, ya sa ido kan Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJBank na 2019.

Sai a yi hattara da aikin kwantiragi. Da yawa daga masu zama a kanta wani kamfani ne daban ya ɗauke su ya ba banki aro. Kaya iri ɗaya, reshe ɗaya, amma albashi ƙasa, ƙarin girma babu tabbas. Dubi sunan da ke saman takardar ɗauka: in ba na bankin ba ne, ba ma'aikacinsa ba ne kai. Aikin halal ne, amma wanda ya shige shi yana 24 ya daina nema, zai farga yana 28. Haka nan duk wanda ya ce a biya kuɗin fom ko na gurbi, ɗan damfara ne.

Iyaye da yayye na Sakwa, Katagum da Azare, ku zauna da ɗanku ko 'yarku tun suna ajin ƙarshe, a jami'ar Gadau suke ko a wata, ku lissafa watan da za su cika shekara 26. A gyara takardu tun yanzu, a fara gwajin jarrabawa, a fara nema kafin a cire kakin bautar ƙasa.