A auna ruwan dare kafin a ƙara mana kuɗin famfo

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan ƙarancin ruwan famfo da ake ta kuka da shi. Duk inda ruwa ya yi ƙaranci, magana biyu ake yi: a ƙara kuɗi ko a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse. Ba mai tambayar nawa ke zurarewa a ƙarƙashin ƙasa.

A garinmu muna da burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki mai cin lita 20,000, da layin bututu uku: na masallaci, na kasuwa da na bayan gari. Bara sai ruwa ya riƙa ƙarewa tun da hantsi. Kwamitinmu ya ce mutane ne suka yi yawa, a ƙara kuɗin jarka. Mai gyaran famfo ya ce mu dakata, mu tambayi dare tukuna.

Hikimar ita ce, tsakanin ƙarfe 1 da 3 na dare kusan kowa na barci. In ka san ɗan abin da ya kamata a ɗiba a lokacin, sai ka auna abin da ya fita daga tanki. Rarar da ke tsakani, ita ce yoyo.

Da farko mun lissafa masu ɗiban dare na halal. Mai gidan burodi yana ɗibar jarka 4 masu lita 25, wato lita 100. Muka ware wata lita 100 saboda masu alwala da ban-ɗaki. Ke nan lita 200 a awa biyu. Mita ba mu da ita, sai muka yi amfani da gora mai zane. Zurfin tankinmu mita 2 ne, don haka kowace santimita ɗaya lita 100 ce. Daga ƙarfe 1 zuwa 3 ruwa ya sauka santimita 12, lita 1,200 ke nan. A cire 200, saura 1,000. Jama'a, jarka 20 ke shiga ƙasa kowace awa muna barci!

Washegari da dare muka fara rufe bakin tankin gaba ɗaya na awa guda. Ruwa bai motsa ba, ashe tanki lafiya lau yake. Sai muka buɗe, muka bi layi ɗaya bayan ɗaya muna rufewa. Mun rufe na bayan gari, ruwa ya ci gaba da sauka santimita 6 a awa. Na masallaci ma haka. Da muka rufe na kasuwa sai ya koma santimita 1. Ɓarawo ya kamu.

Da safe muka bi layin. Ba laka ba taɓo, domin ƙasar wurin yashi ce, tana shanyewa. Amma a inda motocin hatsi ke tsallakawa mun ga ciyawa kore shar, alhali tsakiyar rani ne. Mai gyara ya kafa sandar ƙarfe ya kara kunne ya ji ɗan huci. Da aka tona, mahaɗar bututun roba ce ta tsage.

Sai dai akwai abin lura. Kada a yi wannan awo da azumi, saboda masu tahajjud da girkin sahur. Haka kuma a birane inda ruwa ba ya zuwa sai tsakar dare, kowa ya tashi yana cika duro da tankin gida, lissafin zai yi ƙarya, sai an sake ruwa har kowa ya ƙoshi tukuna. Sannan kada a ninka yoyon dare sau 24, domin da dare ƙarfin ruwa a bututu ya fi yawa, yoyon ma ya fi na rana. Mu awa 16 kawai muka lissafa, amma duk da haka lita 8,000 ce a yini, ta kusa rabin tanki.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ruwa da kwamitocin ƙauyuka, kafin ku ce talaka ya ƙara ko sisi, ku hana idonku barci dare biyu, ku gaya mana nawa ya fita da kuma nawa ya kamata ya fita. Mu dai ba mu ƙara kuɗin jarka ba, kuma yanzu ruwa na kai mu har la'asar.

Naku,
Manomi ɗan tireda, daga ƙasar Zazzau.