Kafin ka rubuta takardar koke: saɓani ne, cin zali ne, ko tsangwama?

Kwanakin baya ƙanwar wani abokina ta aiko mini da takardar koke mai shafi uku domin in gyara mata Turancinta kafin ta miƙa wa sashen kula da ma'aikata na ofishin da take aiki. Turancin ba shi da wani babban aibu. Matsalar ita ce ta tattara abubuwa uku mabambanta ta kira su duka da suna guda, alhali kowannensu yana da teburin da ake kai shi da irin hujjar da yake buƙata. Na gaya mata cewa idan ta miƙa takardar a haka, mai yiwuwa a kira ta da shugabanta a ce su yafe wa juna, magana ta mutu.

Ga abin da ke cikin takardar. Na farko, sun yi cacar baki da shugaban sashenta a kan lokacin hutunta na shekara: ita tana son Disamba, shi ya ce sai Fabrairu. Na biyu, kusan wata biyar ke nan yana cire sunanta daga taron mako-mako, yana riƙe fayilolin da take buƙata sannan ya tuhume ta da jinkiri, yana kuma daka mata tsawa a gaban ƙananan ma'aikata. Na uku, wanda ta ɓoye a sakin layi na ƙarshe saboda kunya, shi ne saƙon da ya tura mata da daddare yana neman su haɗu a otal. Ta ƙi, kuma daga makon ne sauran abubuwan suka fara.

Batun hutu saɓani ne, irin wanda ba a rasa shi duk inda mutane suke aiki tare. Alamarsa ita ce a kan aiki ake jayayya, kowa yana iya faɗin nasa, kuma da zarar an warware abin da ake ja a kai, rigimar ta ƙare. Shugaba ya ƙi ba ka hutu a lokacin da kake so, ko ya ba ka takardar tuhuma kan makara da ka yi da gaske, ko ya dawo maka da rahoto ya ce a sake, duk wannan yana cikin hurumin shugabanci, ko da ya yi shi da ɗaure fuska. Maganinsa zama da sulhu.

Abu na biyu cin zali ne. Shi mutum ake nufi, aikin hanya ce kawai ta kai masa. Yana maimaituwa, kuma wanda ake yi wa ba ya da ƙarfin kare kansa, ko don muƙamin mai yi, ko don an haɗe masa kai. Masanin nan Heinz Leymann, wanda ya yi bincike kan wannan ɗabi'a a ƙasar Suwidin, ya yi amfani da ma'aunin sau ɗaya a mako na tsawon wata shida. Wannan ma'aunin bincike ne, ba doka ba, amma yana nuna inda hujjar take: a jerin abubuwan da suka faru. Tsawa guda ba ta tabbatar da komai, tsawa goma sha biyar masu kwanan wata da sunan wanda ya gani kuwa suna tabbatarwa.

Abu na uku shi ne tsangwama, wato halin da mutum bai yi maraba da shi ba, wanda ya rataya a kan jinsinsa, ƙabilarsa, addininsa ko nakasarsa, ko kuma neman lalata. A nan ba a jiran maimaici. Yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kuma Nijeriya ta rungume ta a 2022, ta bayyana cewa ko sau ɗaya abin ya faru ya isa.

Me ya sa sunan yake da nauyi? Domin dokokinmu ba su ɗauki ukun daidai ba. Dokar Ƙwadago ba ta da wani sashe da ya ambaci cin zali a wurin aiki da sunansa, don haka mai wannan koke yakan dogara da ƙa'idojin ma'aikatarsa, ko ya kafa hujja da rashin adalci a hulɗar aiki. A Abuja, Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane ta 2015 ta hukunta gallazawa ta baki da ta tunani, amma wannan hanyar 'yan sanda ce da kotun laifi. Tsangwama kuwa tana da ƙofa a buɗe: sashe na 254C na Tsarin Mulki ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya da neman lalata a wurin aiki. A shari'ar Ejieke Maduka da kamfanin Microsoft Nijeriya, wadda aka yanke a 2013, kotun ta gamsu cewa an sallami matar ne bayan ta ƙi amincewa da shugabanta, ta kuma ɗora wa kamfanin alhaki tare da shi. Ƙa'idojin kotun na 2017 ma sun buƙaci mai ƙara ya fayyace nau'in abin da aka yi masa: taɓa jiki ne, furuci ne, ishara ce, ko sharaɗin ba ni gishiri in ba ka manda.

Kuskure a nan yana da fuska biyu. Wanda ya rage wa kokensa suna, ya kira cin zali saɓani, za a zaunar da shi sulhu da mutumin da ke rubuta rahoton ƙarin girmansa, ya fito ya ba da haƙuri a kan laifin da aka yi masa. Wanda kuma ya ƙara wa kokensa suna, ya kira rigimar hutu tsangwama, kwamiti zai bincika ya ce babu hujja, daga nan a riƙa kallonsa a matsayin mai neman fitina, har ranar da zai zo da koke na gaskiya a ƙi saurararsa. Ga kuma haƙƙin wanda aka shafa wa kashin kaji, domin shi ma yana da mutunci da iyali.

Wasu za su ce bai kamata a ɗora wa wanda aka cutar nauyin zama lauya ba, aikin ma'aikata ne ta tantance. Gaskiya ne, haka ya kamata. Sai dai a ofisoshinmu, jami'in da takarda ta faɗa hannunsa yakan nemi hanya mafi sauƙi ta rufe fayil, kuma takardar da ta cakuɗa komai tana ba shi damar zaɓen mafi ƙanƙanta ya amsa.

Abin da muka yi da takardar yarinyar nan shi ne, mun cire batun hutu gaba ɗaya. Saƙon daren ya koma sakin layi na farko, da ranarsa da sa'arsa da hotonsa. A ƙarƙashinsa muka jera abubuwan wata biyar ɗin bi da bi, kowanne da kwanan wata, wuri da shaida, muka nuna cewa bayan ƙin amincewarta suka fara, wato ramuwa ce. Muka goge kalmomi irin su mugu da azzalumi, muka bar abin da ya faɗa da abin da ya yi. A ƙarshe ta nemi abu biyu a fili: a yi bincike maimakon sulhu, kuma a ɗauke ta daga ƙarƙashinsa har a gama. Na shawarce ta ta miƙa kwafi biyu, a buga mata hatimin karɓa a kan ɗaya ta ajiye a gida, tare da kwafin duk saƙonnin, domin ranar da aka sallami ma'aikaci ake rufe masa akwatin saƙon ofis.