Ba kowane ƙarin haraji ne ke rage kuɗin shiga ba

Duk lokacin da gwamnati ta taɓa haraji, akwai jimlar da ke cika rubuce-rubucenmu: wai masana sun tabbatar idan aka ƙara haraji, abin da gwamnati ke samu raguwa yake yi. Ana faɗinta kamar karatun allo, ba a tambayar wane haraji, ko a kan wa. Ni ina ganin rabin gaskiya ce, kuma marubucin da ya miƙa wa mai karatu rabin gaskiya ya cuce shi. Jami'in tattara kuɗin shiga da ke zaton ninka kuɗin rasit daidai yake da ninka abin da zai shiga asusu, shi ma ɗaya rabin ya riƙe.

Maganar tana da asali. Ibn Khaldun ya kawo ta a Muƙaddima tun 1377, inda ya lura cewa daula a farkonta haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, a ƙarshenta kuma ta ɗora mai nauyi ta tara kaɗan. A 1974 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Arthur Laffer, ya mayar da ita zane. Idan haraji sifili ne, gwamnati ba ta samun ko kwabo. Idan kuma ɗari bisa ɗari ne, ba wanda zai yi aikin da za a ƙwace masa duka, don haka nan ma babu. To a tsakanin biyun akwai wani ƙololuwa, wanda in an wuce shi ƙari ya zama ragi. Har nan babu masanin da ke musu. Gardamar tana kan inda ƙololuwar take, da kuma ko mun iso ta.

Mu kawo lissafin gida. A ɗauka, misali kawai, a wata kasuwar hatsi a ƙasar Haɗeja ana karɓar naira 200 a kan kowane buhun shinkafa, kuma buhu 1,000 ke shiga ranar kasuwa. An tara naira 200,000 ke nan. Sai aka mayar da kuɗin naira 300. Idan duk buhunan suka ci gaba da zuwa, za a tara 300,000. Idan wasu dillalai suka ji haushi, buhu 800 suka shigo, an tara 240,000, har yanzu an fi da. Sai buhunan sun sauka ƙasa da 667 kafin a fara asara: a buhu 600, abin da za a samu 180,000 ne. Wato ƙarin rabi a kan haraji ba ya zama hasara sai fiye da kashi ɗaya cikin uku na kayan sun gudu.

Tambayar da ta dace ke nan: za su gudu, kuma ta ina? Dillalin da ke da mota zai iya bin manomi har gona a Auyo ko Kafin Hausa ya yi lodi a can, ko ya karkata zuwa kasuwar Gujungu. Amma hakan ma kuɗi ne. Idan kaucewar za ta ci masa naira 150 a kowane buhu, ba zai guje wa ƙarin naira 100 ba, zai biya yana gunaguni. In ƙarin ya kai naira 500, ya tafi. Matar da ke sayar da kwano biyar kuwa ba ta da mafita ko nawa aka sa. Haraji ɗaya ne, amma nauyinsa ya danganta da ƙofar da kowa ke da ita.

Nijeriya ta ga ɓangarorin biyu. A 2013 gwamnatin tarayya ta kai harajin shigo da shinkafa kashi 110 cikin ɗari. Ƙofar gudu a buɗe take: jiragen ruwa suka koma sauke kaya a Kwatano, inda haraji bai kai ko kusa da haka ba, shinkafar ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, har ta iyakar Nijar. Abin da kwastan ke samu daga shinkafa ya faɗi, a 2014 aka sassauta harajin. Nan maganar Laffer ta ci. Sai dai a lura, manufar wancan haraji kare manomin gida ce, irin na fadamar Haɗeja, don haka wanda zai auna shi da kuɗin shiga kaɗai bai yi masa adalci ba.

A ɗaya ɓangaren, a watan Fabrairun 2020 an ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Ƙarin rabi ne, daidai da misalinmu. Kuɗin da aka tara bai ragu ba, ƙaruwa ya yi a shekarar da wadda ta biyo ta. Dalili a fili yake: mai sayen katin waya ba shi da Kwatanon da zai kai kiransa.

Me ya sa masana ba su daidaita ba har yau? Na farko, ba a iya gwada ƙasa ɗaya sau biyu. A shekarar da ambaliya ta cinye gonaki daga Ringim zuwa Guri, buhunan kasuwa za su ragu ko an ƙara haraji ko ba a ƙara ba. A shekarar da naira ta faɗi kuma, kuɗin da aka tara zai kumbura a takarda alhali ba ya sayen abin da yake saye a da. Raba tasirin haraji da na ruwa da na tsadar kaya aiki ne mai wuya, kuma kowa na iya zaɓar shekarar da ta goyi bayansa. Na biyu, lokaci. Dillali ba ya sauya kasuwa a mako guda, amma a shekara uku zai iya gina sito a wani gari. Mai auna wata shida da mai auna shekara biyar ba za su ba da amsa ɗaya ba.

Akwai kuma siyasa, wadda ta juya maganar ta koma alƙawarin cewa rage haraji zai biya kansa da kansa. Jihar Kansas ta Amurka ta gwada haka a 2012. Kuɗin shiga ya faɗi, kasafi ya samu giɓi, a 2017 majalisar jihar ta soke mafi yawan ragin. Mafi yawan masana sun yarda akwai ƙololuwa, amma kaɗan ne ke ganin harajin albashi na yau da kullum ya wuce ta.

Wani zai ce to ai talaka na shan wuya, me zai hana mu yi amfani da kowace hujja? Saboda hujjar da ba ta tsaya ba makami ce a hannun abokin gardama. Ranar da jami'i ya nuna maka takarda cewa kuɗi sun ƙaru, ka faɗi, alhali ƙorafinka na gaskiya yana nan. Haraji zai iya cika asusu kuma ya zama zalunci. Lokacin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kano, wadda Haɗeja ke cikinta a lokacin, hujjar 'yan PRP ita ce an daɗe ana danne talaka da makiyayi da su. Ba su jira wani zane ya ba su izini ba.

Don haka kafin ka rubuta cewa ƙarin zai rage kuɗin shiga, je kasuwar ka tambayi nawa ake karɓa da, nawa ne yanzu, ina kayan za su iya komawa, kuma nawa komawar za ta ci. In ka samu amsa, yi lissafin ka nuna mana. In ba ka samu ba, rubuta cewa harajin ya yi wa mai kwano biyar nauyi, ka tsaya a nan. Allah ya sa mu dace.